CGPA ɗina 1.15 bayan aji ɗaya: in maimaita, in jingine karatun, ko in canza makaranta?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan da sakamakonmu ya fito a fotal, har yanzu ban iya faɗa wa kowa a gida ba. Ina karanta kimiyyar haɗa sinadarai a wata jami'ar tarayya, kwas na shekara huɗu, na gama aji ɗaya. Zangon farko na samu 1.60, zango na biyu 0.70, gaba ɗaya CGPA ya tsaya a 1.15. Na yi rajistar yunit 40, na faɗi 14, huɗu a zangon farko, goma a na biyu, ciki har da lissafi da fiziks.

A zango na biyun ne jikin Baba ya tashi, ni ne babba a maza, ni na yi jinya kusan wata biyu, kuma ni nake buɗe shagonsa. Tes biyu ban ma rubuta ba. Yanzu ya dawo gida amma ba ya iya fita kasuwa. Shekarata 23. Abokina ya ce in nemi a bar ni in maimaita aji ɗaya, wani ya ce in yi difa, wato in jingine karatun, ni kuma zuciyata tana raya mini in bar makarantar in koma jami'ar jiharmu kusa da gida. Don Allah wanda ya san kan abin ya ba ni shawara.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, kafin komai ka samu mahaifiyarka ka faɗa mata. Ita ta ga inda ka kwana wata biyun nan, ba za ta ga laifinka ba.

Abba_Injiniya:
Kwantar da hankalinka ɗan'uwa. Kari-oba ba mutuwa ba ce. Idan ka sake rubuta kwas ɗin ka ci, sabon makin ne zai hau kan tsohon, F ɗin ta goge. Ka ci A a yunit 14 ɗin nan kawai ka ga yadda CGPA ɗinka zai yi sama. Kada ka je ko'ina.

Malam_Kodineta:
Allah ya ƙara sauƙi. Na yi shekaru ina riƙe da ɗalibai a matsayin kodinetan aji, bari in ɗan tsawaita.

Abba_Injiniya, shawararka ta zama tana da kyau, amma maganar gogewar F ba haka take a yawancin jami'o'inmu ba. Abin da aka fi yi shi ne a ƙirga duka zaman biyu. Ka faɗi kwas mai yunit uku, an rubuta maka yunit uku da maki sifili. Ka sake rubutawa ka ci B, an ƙara maka wasu yunit uku da maki 12. Wato maki 12 a kan yunit shida, daidai da wanda ya ci D sau biyu. Akwai makarantun da ke da wani tsari daban, don haka Ɗan_Gwammaja ka duba takardar sakamakon wani ɗan aji uku da ya taɓa yin kari-oba. Idan jimillar yunit ɗin da ya yi wa rajista ta fi ta abokan ajinsa, to ana ƙirga duka biyun.

Sai maganar maimaita aji. A tsarin yunit da muke bi, babu maimaita aji irin na sakandare, inda za ka koma ka zauna da ƙannenka a share maka allo. Kwas ɗin da ka faɗi kake maimaitawa, wanda ka ci da E ya zauna a E ɗinsa. Masu karatun likita ne ke da maimaita shekara sukutum, saboda tsarinsu daban ne. Don haka abin da abokinka ya ce ka nema, mai yiwuwa ba ya cikin dokar makarantarku ma.

Yanzu mu yi lissafinka. Yunit 40 sau 1.15 ya ba da maki 46, shi ne jarinka. A ce ragowar shekara ukun suna da yunit 120, ka ƙara 14 na kari-oba, saura yunit 134 a gabanka, kuma za ka gama da 174. Digiri mai daraja ta biyu ƙarama yana farawa daga 2.40, wato kana buƙatar maki 418. Cire 46, saura 372, raba da 134, ya ba ka kusan 2.78. Ma'ana idan ka riƙe matsakaicin C daga yau har ka gama, ka samu. C kuwa 50 zuwa 59 ce. Daraja ta biyu babba, mai farawa daga 3.50, ita ce ke neman ka riƙa cin 4.20, sama da B a kowane zango. Wannan da wuya ƙwarai, ba zan ruɗe ka ba.

Abba_Injiniya:
Na gode da gyara Malam. Yanzu na ɗauko tsohuwar takardata na duba, gaskiyarka, yunit ɗina sun fi na abokina da shida. Duk shekarun nan na ɗauka an goge mini.

Ɗan_Gwammaja:
Malam na gode, wallahi lissafin nan ya sa na ɗan samu numfashi. To difa fa? Idan na jingine shekara ɗaya na dawo, ba za a ba ni damar sake zango na biyun ba, tunda ina da takardun asibiti?

Malam_Kodineta:
A nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Difa gaba take kallo, ba ta komawa baya. Da a tsakiyar jinyar ka rubuto takarda kafin jarabawa, da an jingine maka zangon, babu abin da zai shiga sakamakonka. Amma ka shiga ɗakin jarabawa ka sa hannu a takardar halarta, an yi maki, majalisar jami'a ta amince. Idan ka yi difa yanzu, baɗi za ka dawo ka tarar da 1.15 ɗinka tana jiranka.

Wannan ba ya nufin difa ba ta da amfani a gare ka. Tambayar ita ce: abin da ya kayar da kai ya wuce ko yana nan? Idan a sabon zango ma kai za ka riƙa buɗe shago da safe da kai Baba asibiti, to shiga da nauyin kari-oba zai iya jefa ka ƙasa da 1.00, a sa ka a firobeshan, in aka maimaita kuma a sallame ka. A irin wannan hali difa kariya ce. Wasu makarantun ma layin firobeshan ɗinsu 1.50 ne, wanda ke nufin ka riga ka shiga. Ka nemi littafin dokokin ɗalibai na sashenku ka karanta wannan shafin da idonka.

In za ka yi, ka rubuta wa rijistara ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ka haɗa da shaidar asibiti, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ka tafi gida sai takardar amincewa ta fito. Na ga yaron da ya miƙa takarda ya yi tafiyarsa, ashe ba ta wuce teburin farko ba, kuma ya riga ya yi rajistar kwasa-kwasai. Duka aka rubuta masa bai halarta ba, suka zama F.

Sadau_08:
Ni dai shawarata ya sake zama, ya rubuta NECO ta waje a ƙarshen shekara. Ana haɗa sakamako biyu ai, in ya gyara lissafi da fiziks ɗin shi ke nan. Ƙanwata haka ta yi.

Hajjaju_Kt:
Sadau_08 ba ka karanta da kyau ba, yana jami'a ne, ba sakandare ba. Amma Allah ya saka da niyya.

Ni ina da tambaya ga mai maganar, kuma kada ka ji haushi. Zangon farko Baba lafiyarsa ƙalau, amma 1.60 ka samu, ka faɗi yunit huɗu. Me ya faru a nan? Na tambaya ne don ni ma na bi ta hanyar. An ba ni kimiyyar ƙananan halittu alhali ban nema ba, na gama aji ɗaya da 1.4, ina ta ɗora laifi a kan rashin ɗaki da zirga-zirgar mota. Sai da wata malamarmu ta zaunar da ni ta jera sakamakona, ta nuna mini duk kwas mai lissafi a ciki E ko F ne, duk mai karatu da rubutu B ne. Na cike fom ɗin canjin sashe na koma tsangayar ilimi a makarantar dai, na gama da 3.1, yau shekara shida ina koyarwa. Ka jera naka haka ka gani. Idan lissafi ne matsalar, jami'ar jiha ma lissafin nan za ka tarar, kuma sinadarai a aji biyu da uku cike yake da shi.

Ɗan_Gwammaja:
Anti ban ji haushi ba. Gaskiya a makare aka ba ni gurbi, na shigo an yi sati biyar ana lakca, ga rajista ta cinye wasu sati biyu. Kwasa-kwasan sinadarai biyu na zangon farko duka C na ci. MTH 101 na tsallake da E, PHY 101 kuma na faɗi. A sakandare ba mu samu tsayayyen malamin fiziks ba sai a shekarar ƙarshe.

Hajjaju_Kt:
To ka ga abu biyu ne ke nan, jinya da kuma tushe mai rauni a lissafi da fiziks. Na biyun difa ba za ta gyara shi ba sai in ka yi amfani da shekarar ka zauna da littafi. Mutumin da ke tsaron shago daga safe zuwa magariba kuwa, na san yadda karatun dare yake zama.

Bakatsine_Mai_Waya:
Ni na bari na sake JAMB, kuma ban yi nadama ba. Na gama aji ɗaya da 0.9, na ga ko na mutu a kan littafi daraja ta uku zan ƙare da ita. Na sake zama, na samu gurbi a wani wuri, na fara daga sifili, na fita da 3.7. Shekara biyu na rasa amma takardata tana shiga inda ake neman daraja ta biyu babba. Wannan hanya ce da ke share tsohon sakamako. Ka yi tunani a kai tun kana aji ɗaya, wanda ya kai aji uku ba ya iya wannan.

Lauje_Cikin_Naɗi:
Bakatsine kana da shekara nawa lokacin da ka sake? Ina jin 18 ko 19. Wannan bawan Allah 23 yake. In ya rubuta JAMB baɗi ya shiga yana 24 ko 25, kwas na shekara huɗu ya kai shi 28 ko 29, in babu yajin aiki. Mun ga na 2020 da ya ci wata tara, mun ga na 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya haura 30 kafin ranar kammala karatunsa NYSC ba ta tura shi hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ga kuma guraben aikin da ke sa iyakar shekaru. Sannan wa ya ba shi tabbacin zai samu gurbin? Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Bakatsine_Mai_Waya:
19 nake, gaskiya ne. Amma ba sai ya saki wannan ba kafin ya kama wancan. Ni sai da gurbi ya fito sannan na rubuta takardar janyewa. Abin da zan ja kunnensa a kai shi ne kada ya ɓoye cewa ya taɓa shiga jami'a. Tun 2021 da lambar NIN ake rajistar JAMB, tsohon gurbinsa yana nan a rubuce. Ya je ofishinsu na jiha ya tambayi yadda ake yi a hukumance, kada ya dogara da yaran kafe.

Ɗan_Gwammaja:
Ni ba sabuwar JAMB nake nufi ba. Na ɗauka ana iya yin tiransifa kai tsaye in shiga aji biyu a jami'ar jiha.

Malam_Kodineta:
Ana yi, amma da wuya a yi wa mai 1.15. Makarantar da za ta karɓe ka tiranskirif za ta nema, wanda ake aika mata kai tsaye daga makarantarku, kuma tana son ɗalibin da ke tsaye da ƙafarsa. Da yawa suna sa mafi ƙarancin CGPA da ya ɗara naka nesa, kuma ba sa son mai ɗauke da kari-oba. Sai kuma a ce akwai gurbi a sashen. Ba na hana ka tambaya, fom ne da kuɗi, amma ka tambayi sharaɗin kafin ka biya.

Akwai wani abu da ban faɗa ba ɗazu, kuma shi ya fi damuna da lamarinka. Yawancin jami'o'i ba sa barin ɗalibi ya wuce yunit 24 a zango. A ce aji biyu yana da 20 a kowane zango. Zangon farko kana da kari-oba huɗu, 20 da 4 sun cika 24 cif, ka shige. Zango na biyu kana da goma, 20 da 10 sun zama 30. Doka ta ce kari-oba ake fara sakawa, don haka za ka ɗauki goman, ka ƙara 14 na aji biyu, yunit shida su tsallaka zuwa gaba. To a kwasa-kwasan kimiyya da yawa, zango na biyu na aji uku shi ne na SIWES, wata shida kana kamfani ko ɗakin gwaji, ba ka rubuta komai a makaranta. Shidan nan sai aji huɗu, tare da furojet. Idan aji huɗun yana da yunit 18 ko ƙasa a zango na biyu, za su shige. Idan ya fi haka, ko ka sake faɗuwa ko da kwas ɗaya na zango na biyu, sifil-oba ta tabbata, shekara biyar ke nan. Ba ƙarshen duniya ba ne, kwas na shekara huɗu ana ba shi har shekara shida. Amma gara ka sani tun yanzu ka shirya wa gida kuɗin shekarar.

Kuma ka duba wane kwas ne mabuɗin wani. Lissafin da ka faɗi a zango na biyu yana iya hana ka rajistar wani kwas na aji biyu tun a zangon farko.

Issoufou_Maradi:
Sannunku 'yan'uwa. Mu a nan Nijar abin ya ɗan bambanta, shi ya sa nake bin zancen da sha'awa. Makinmu bisa 20 ne, 10 ita ce tsallakewa, kowane zango kiredi 30. Darasin da ka yi ƙarfi yana iya ɗaga wanda ka yi rauni idan suna rukuni ɗaya, kuma akwai zama na biyu ga wanda ya faɗi, ba sai ya jira shekara ba. In abin bai yi ba sai ka maimaita shekarar. Na maimaita ta farko, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ganin abokaina sun wuce, ba karatun ba. Bayan wata biyu na saba. Ku babu zama na biyu ke nan?

Abba_Injiniya:
Babu a yawancin wurare, sai masu likitanci. Wasu jami'o'in suna yin gajeren zango a lokacin dogon hutu don masu kari-oba, ana biya bisa yunit. Ɗan_Gwammaja ka tambaya ko taku tana yi, da shi za ka iya sauke shidan da Malam ya lissafa.

Uwar_Biyu:
Ku yi haƙuri in dawo da ku gida, duk kuna ta yunit. Yaro, wa zai riƙe shagon? Ba ka da ƙani ko ɗan baffa da za a sa? Babban ɗana ya jingine karatu shekara ɗaya lokacin rasuwar mahaifinsu, da takarda da komai. Ya shiga kasuwa, kuɗi suka fara shigowa, gida ya dogara da shi, shekarar ta cika bai koma ba. Yau shekara tara. Ba na cewa ya lalace, yana riƙe da mu alhamdulillahi, amma har yau in aka yi zancen makaranta shiru yake yi. Idan za ka yi difa, a zauna da baffanninka a tsayar da wanda zai karɓi shagon da watan da zai karɓa, tun kafin ka rubuta takardar.

Lauje_Cikin_Naɗi:
Maganar Hajiya ita ce magana. Kuma in kuɗin rajista na cikin abin da ke tura ka difa, ka duba bashin NELFUND da aka fara a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati ne ke nema.

Sadau_08:
Afuwan na ɗazu. To kwalejin kimiyya da fasaha fa? Ya yi difloma shekara biyu kusa da gida, in ya ci da kyau ya dawo jami'a aji biyu kai tsaye.

Hajjaju_Kt:
Hanya ce, amma ka ƙirga: shekarar nema, biyu na difloma, uku na digiri. Ta fi sake JAMB tsawo, ga mai shekara 23.

Ɗan_Gwammaja:
Na dawo. Jiya da daddare na faɗa wa Umma, ta yi kuka amma ba faɗa, ta ce za ta kira Baffa ranar Juma'a a yi maganar shago. Yau na je wurin kodinetanmu. Ya buɗe mini littafin, layin firobeshan a wurinmu 1.00 ne, don haka ban shiga ba. Babu maimaita aji, kamar yadda Malam ya ce, kuma babu zangon hutu. Ya ce takardar difa dole ta shiga cikin makonnin farko na zango, ya kuma ce shi a ganinsa kada in cika 24 a zangon farko, in ɗauki 20 har da kari-oban, in tabbatar na ci su da kyau. Amma hakan yana nufin na yarda da shekara ta biyar tun yanzu.

Malam_Kodineta, kai me ka gani a kan wannan? In cika 24 in yi kokawa, ko in rage?

Malam_Kodineta:
Ya dogara da abin da Baffa zai ce. In an samu mai riƙe shago gaba ɗaya, ni zan ce ka cika 24 a zangon farko, domin huɗun da za ka ajiye suna da wurin shiga a aji uku ne kawai idan shi ma bai cika ba. In rabin rana za ka riƙa zuwa kasuwa, bi maganar kodinetanku. In kuwa ba a samu kowa ba, rubuta takardar difa a satin farko. Turo mini jerin kwasa-kwasan aji biyu da na uku da yunit ɗinsu in duba maka waɗanda ke buɗe wa juna ƙofa.

Bakatsine_Mai_Waya:
Ni har yanzu ina ganin ya sayi fom ɗin JAMB ya ajiye a gefe. Sakamakon zangon farko na iya fitowa kafin a fara ba da gurbi, lokacin sai ya zaɓa.

Hajjaju_Kt:
Ya yi karatun JAMB, da yunit 24, da fiziks ɗin da bai da tushe, duk a zango ɗaya? Ban yarda ba. Ɗan_Gwammaja, a ajinku wa ya ci A a PHY 101? Nemo shi tun kafin a dawo daga hutu.